Asusun ƙanena da kasuwar intanet ta rufe, da yadda muka bi maganar

Saƙon da ya shigo imel ɗin ƙanena bai wuce layi biyar ba. Kamfanin kasuwar intanet da yake sayayya a kanta ya ce ya duba asusunsa, ya ga yawan mayar da kaya da neman mayar da kuɗi ya saɓa wa ƙa'idojinsa, saboda haka ya rufe asusun, ya soke odar da ba a riga an aiko ba, kuma duk wani sabon asusu da ya buɗe shi ma za a rufe shi. Ba a ambaci oda ko ɗaya ba, ba a faɗi rana ba. Ya kira ni murya na rawa, ya ce, "Yaya, wallahi ban ci musu ko sisi ba." Na yarda da shi a lokacin, na kuma yarda da shi har yanzu. Sai dai da muka zauna muka baje takardu, mun tarar akwai kuɗinsu a hannunsa bai sani ba, kuma wannan ne jigon maganar gaba ɗaya.

Kafin mu taɓa komai sai da muka tabbatar saƙon na gaskiya ne, domin 'yan damfara suna yawan aika irin wannan wasiƙa da mahaɗin da zai kai mutum shafin bogi ya zuba lambar katinsa. Bai danna komai a cikin saƙon ba. Ya buɗe manhajar kasuwar da kansa, ya gwada shiga, ta ƙi, ta nuna masa sanarwar rufewa. Nan muka san ba wasa ba ne.

Abin takaici, kafin ya kira ni ya riga ya mayar musu da amsa cikin fushi. Ya ce shi tsohon mai saye ne, bai taɓa cutar kowa ba, zai kai su ƙara, zai tona musu asiri. Washegari amsa ta zo da kalmomi kusan iri ɗaya da na farko, cewa sun sake dubawa kuma hukuncin yana nan. Ban ga laifinsa ba a kan ɓacin rai, an kira shi macuci ba tare da an faɗi abin da ya yi ba. Amma wasiƙar ba ta ƙunshi abu ɗaya da mai dubawa zai iya gwadawa da abin da ke gabansa ba. Wanda ke karanta ɗaukaka ƙara yana kallon jerin ododi ne, kowace da alamar da aka sa mata, kuma ba zai ɗage hukunci ba sai an ba shi abin da zai goge waɗannan alamomin ɗaya bayan ɗaya.

Don haka muka sake gina jerin da kanmu. Tunda asusun a rufe yake, tarihin sayayya ba ya buɗuwa, sai muka koma imel ɗinsa, inda kowace oda take da saƙon tabbatarwa, muka kuma karɓo bayanin katinsa na wata goma sha biyu daga banki. Mun yi dare biyu a kai. A shekarar ya yi oda 38, kuma a cikin 9 ya nemi a mayar masa da kuɗi. Kusan ɗaya cikin huɗu ke nan. Kasuwanni ba sa bayyana iyakar da suke sa wa mai saye, amma duk wanda ya san harkar ya san abin da suke dubawa: yawan mayarwa idan aka gwada da yawan saye, tsadar kayan da ake mayarwa, dalilin da mai saye yake zaɓa, yanayin da kayan suke komawa, yawan cewa kaya bai iso ba alhali kamfanin jigila ya rubuta ya isar, sannan ƙorafin da aka kai banki.

Shida daga cikin taran takalma ne da riguna. Al'adarsa ita ce ya sayi lamba biyu, ya gwada, ya riƙe wadda ta yi masa daidai, ya mayar da ɗayar. Wannan shi kaɗai ba laifi ba ne a yawancin kasuwanni. Matsalar tana wurin dalilin da yake zaɓa. A sau huɗu ya danna cewa kayan bai yi daidai da yadda aka siffanta shi ba, saboda ya lura idan ya zaɓi wannan ba a cire masa kuɗin aikawa, idan kuwa ya ce ra'ayi ya canja ko lambar ba ta yi masa ba, sai a cire. A ganinsa dabara ce ƙarama. A wurin kasuwa kuwa, wannan dalilin yana ɗora laifi a kan mai sayarwa, yana sa shi biyan kuɗin jigila, yana kuma ɓata masa maki. Mai sayarwar da ya buɗe kwali ya ga takalmi lafiya ƙalau, daidai da hotonsa, yana da maɓallin kai rahoton mai saye, kuma suna amfani da shi. Na gaya masa kai tsaye cewa a nan bai kyauta ba, kuma ba za mu ɓoye shi a wasiƙa ba.

Ta bakwai kaya ne da aka rubuta an isar amma bai gani ba, aka mayar masa da kuɗi ba tare da dogon zance ba. Ta takwas abin sauraro ne na kunne mara waya, da ya mayar saboda ɓangare ɗaya ba ya caji. A cikin imel muka tono wani saƙo da bai taɓa buɗewa ba, inda aka ce abin da ya iso wurin ajiyarsu lambar siriyal ɗinsa ba ta yi daidai da ta wanda aka sayar masa ba. Wannan zargi ne mai nauyi, domin ma'anarsa an karɓi sabo an mayar da tsoho. Shiru da ya yi, ko da bai sani ba, ya zama kamar amsa laifi.

Ta tara ita ce ta karya gadon bayan raƙumin, kuma a kanta zan daɗe. Ya sayi kwamfutar hannu, allonta ya zo da tabo, ya mayar. Lambar bin sawu ta nuna kwalin ya isa wurin ajiyarsu, aka sa hannu. Ya jira kwana tara bai ga kuɗi ba. Ya yi magana da masu kula da abokan ciniki sau ɗaya, aka ce ya ƙara haƙuri. A rana ta tara ɗin ya buɗe manhajar bankinsa, ya danna cinikin, ya shigar da ƙorafi. Manhajar ta jero masa dalilai, shi kuma ya zaɓi na sama, wanda aka rubuta `Unauthorized transaction`, wato cinikin da ba shi ya yi ba. Ya ce ya ɗauka duk hanya ɗaya suke bi. Bayan kwana biyu banki ya sa masa kuɗin. Ya ɗauka magana ta ƙare.

Wannan hanyar ita ce ake rubutawa `chargeback` a takardun banki, wato janyo kuɗi ta banki. Mai kati yana kai ƙorafi bankinsa, bankin ya ɗora ƙorafin a kan wani dalili mai lamba, ya aika ta kamfanin katin zuwa bankin ɗan kasuwa, a cire kuɗin daga hannun ɗan kasuwa nan take, galibi har da tarar aiki a kansa. Kuɗin da mai kati yake gani a asusunsa na wucin gadi ne, ana iya kwashe shi idan ɗan kasuwa ya kawo hujja ya yi nasara. Dalilin da aka zaɓa shi ne komai. A tsarin Visa, lamba 10.4 ta zamba ce a cinikin da aka yi ba tare da an miƙa kati hannu da hannu ba, 13.1 ta kayan da ba su iso ba ce, 13.6 kuma ta kuɗin da aka yi alkawarin mayarwa ba a mayar ba. Ƙorafin ƙanena na 13.6 ne, amma ya shigar da shi a matsayin zamba. Ka duba yadda abin yake a idon kasuwa: mutum ya yi oda daga asusunsa, da wayarsa da aka sani, aka kai adireshinsa, ya karɓa, ya cika takardar mayarwa da kansa, sannan ya je ya gaya wa banki bai san da cinikin ba. Ko ni ce zaune a kujerar mai dubawa, ƙarya zan kira shi.

Akwai kuma abin da ya fi wannan. Da muka bi bayanin katin layi-layi, sai ga kuɗin kwamfutar ya shigo sau biyu: na banki a rana ta goma sha ɗaya, na kasuwa a rana ta goma sha uku. Imel ya nuna kasuwar ta saki kuɗin tun rana ta takwas, kwana ɗaya kafin ya kai ƙorafi. Kuɗin da aka mayar ta kati ba ya bayyana nan take, yakan ɗauki kwana biyar zuwa goma na aiki. Shi ya sa ma ƙa'idar Visa ta sa a jira kwana 15 daga ranar da ɗan kasuwa ya ba da shaidar mayarwa kafin a shigar da ƙorafin 13.6. Kuma babu abin da ke korarsa, domin yawancin irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe suna da wa'adin kwana 120. Da ya nemi kasuwar ta ba shi lambar ARN, lamba mai alƙaluma 23 da ke bin kowane cinikin kati, ya kai wa bankinsa, da an gaya masa kuɗin yana hanya. Ya yi shiru yana kallon layukan biyu, can ya ce, "Yaya, ashe su ke bina."

Daga nan tsarin aikinmu ya fito fili. Ba a fara da wasiƙa. Ana fara gyara abin da ya lalace, sannan a rubuta a ce ga shi an gyara.

Ya kira bankinsa ya ce yana so ya janye ƙorafin, domin ɗan kasuwa ya riga ya biya, kuma dalilin da ya zaɓa kuskure ne. Janyewa ta baki ba ta wadatar ba. Mun nemi banki ya ba shi takarda ko imel mai ɗauke da lambar ƙorafin, ranar cinikin, adadin kuɗin, alƙaluma huɗu na ƙarshen katin, da bayanin cewa mai kati ya janye kuma an rufe maganar an bar wa ɗan kasuwa kuɗinsa. Takardar ta ɗauki kwana shida. Banki ya kwashe kuɗin wucin gadin daga asusunsa, muka ajiye bayanin da ke nuna hakan shi ma. Ma'aikaciyar bankin ta gargaɗe shi cewa komawar kuɗin hannun ɗan kasuwa tana iya ɗaukar makonni, saboda sai maganar ta bi ta kamfanin katin, kuma ƙorafin da aka janye da wuya a sake buɗe shi a kan ciniki ɗaya. Saboda wannan gargaɗin nake cewa kada kowa ya janye ƙorafi don kawai a buɗe masa asusu. Ƙanena ya janye ne domin an biya shi sau biyu. Wanda ya mayar da kaya mai tsada, yana da shaidar isarsa, kuma har yau ba a ba shi kuɗinsa ba, ƙorafinsa yana kan gaskiya, kuma idan ya janye bisa alkawarin baki yana iya rasa kuɗin da asusun baki ɗaya. Irin wannan sai ya ga kuɗin a asusunsa, ko a rubuce da lambar ARN, kafin ya saki igiyar.

Wasu kasuwannin ba sa jiran banki, sukan ce mai saye ya biya su kai tsaye da wani kati. Idan aka ce haka, a tabbatar daga cikin shafin kasuwar ne, a kuma tambaya a rubuce me zai faru idan kuɗin banki ya koma musu daga baya, don kada biya sau biyun ya juyo ta wannan ɓangaren. Mu ba a nemi haka daga gare mu ba.

Sai abin sauraron kunne. Bai ɗauki hoton lambar siriyal ba kafin ya rufe kwali, kuma wannan ne raunin da ba mu iya cikewa duka ba. Abu biyu muka samu. Na farko rasit ɗin kamfanin jigila, wanda ke nuna nauyin kwalin ranar da ya miƙa shi, kuma nauyin ya yi daidai da na kayan da kwalinsa, abin da ke kore zancen kwali fanko amma ba ya kore zancen musanya. Na biyu ya fi ƙarfi. Ranar da kayan ya iso ya haɗa shi da manhajar kamfanin da ya ƙera shi, manhajar kuma ta ajiye lambar siriyal da ranar haɗawa. Muka ɗauki hoton allon. Ba mu san lambar da wurin ajiya ya gani ba, don haka ba mu ce sun yi kuskure ba. Mun ba su lambar da ke hannunmu muka roƙi su gwada ta da wadda ta iso musu. Idan sun zo ɗaya, to abin da aka aiko masa shi ya mayar, saɓanin kuma ya faru tun kafin kayan ya iso hannunsa.

A kan kayan da bai iso ba babu wata takarda sai saƙon da ya aika wa kamfanin jigila a ranar, yana tambayar inda aka ajiye. Shi muka haɗa, ba mu ƙara gishiri ba.

Wasiƙar ta biyu shafi ɗaya ce. Mun aika ta daga imel ɗin da aka yi rajistar asusun da shi, a matsayin amsa ga sanarwar rufewa, don ta faɗa hannun sashen da ya yanke hukuncin. Masu amsa waya na yau da kullum galibi ba su da ikon buɗe irin wannan asusu. Ga abin da ta ƙunsa, da lambobin odar a inda suka dace:

"Ina neman a sake duba rufe asusuna. Na bi ododina na shekara guda, na ga abu uku da nake jin su suka jawo wannan hukunci. Na farko, ƙorafin da na kai banki a kan kwamfutar hannu. Ni na yi cinikin, dalilin da na zaɓa kuskure ne, kuma kun riga kun saki kuɗina kwana ɗaya kafin na kai ƙorafin. Na janye shi, takardar banki tana haɗe, tare da shaidar cewa an cire kuɗin daga asusuna. Na biyu, abin sauraron kunne. Ga lambar siriyal da wayata ta ajiye ranar da ya iso, ga rasit ɗin aikawa mai nuna nauyi. Ina roƙon a gwada da wadda kuka karɓa. Na uku, a ododi huɗu na zaɓi dalilin mayarwa da ba shi ne ainihi ba, lambar ce ba ta yi mini ba. Na amsa wannan, a shirye nake in biya kuɗin aikawarsu, kuma na daina sayen lamba biyu. Idan akwai wata oda da ban ambata ba, ku faɗa mini lambarta in kawo bayani. Idan hukuncin ba zai canja ba, ina neman a mayar mini da ragowar kuɗin da ke asusun da na odar da aka soke."

Ƙanena ya so a cire batu na uku. Ya ce me zai sa ya ba su sandar dukansa. Na ce masa sandar tana hannunsu tun tuni, rahotannin masu sayarwa suna gabansu, kuma wasiƙar da ta yi bayanin komai ta tsallake wannan za ta sa a yi shakkar sauran. Ban ce mutum ya amsa abin da bai yi ba. A kan abin sauraron kunne ba mu amsa komai ba, hujja muka kawo.

Lokacin jira shi ne ya fi wuya, kuma a nan mutane da yawa suke ɓata maganarsu. Yana da buƙatar wani kaya, ya ce zai buɗe sabon asusu da wani imel, ko ya yi amfani da na matarsa. Na hana shi. Kasuwanni suna haɗa asusu da asusu ta kati, adireshi, lambar waya, na'urar da ake shiga da ita, har da layin intanet na gida. Sabon asusun yakan rufu cikin ɗan lokaci, kuma ya zama sabon laifi, na kewaye hukunci, wanda ba shi da bayani. Mafi muni, asusun matarsa da ba ruwansa yana iya shiga ciki idan ya sa katinsa ko ya shiga da wayarsa. Na kuma hana shi kai ƙorafi banki a kan odar da aka soke, tunda kuɗinta yana cikin kwanakin da aka ce zai dawo, ya kuwa dawo a rana ta bakwai. Da ya kai, da mun koma gidan jiya.

Mun bar kwana bakwai, muka aika tuni ɗaya mai layi biyu a kan zaren saƙon nan, ba mu buɗe sabon ƙorafi ba. Da shirun ya yi tsawo, akwai matakan da muka tanada. A ƙasashen da ke da dokar kare bayanan mutum, ana iya neman kamfani ya ba ka kwafin bayanan da yake riƙe da su a kanka. A Tarayyar Turai sashe na 15 na dokar GDPR ne ya ba da wannan haƙƙi, kuma kamfani yana da wata ɗaya ya amsa. Ba lallai su buɗe maka yadda suke gano zamba ba, amma tarihin ododi da na mayarwa yakan fito, wanda ke da amfani ga wanda imel ɗinsa ya ɓace. Sai kuma hukumar kare masu saye ko kotun ƙananan ƙararraki. A nan dole a bambanta abu biyu. Ƙa'idojin kusan kowace kasuwa sun ba ta damar daina ciniki da wanda ta ga dama, saboda haka da wuya wata hukuma ta tilasta a buɗe maka asusu. Kuɗinka da ke hannunsu kuwa, na kayan da ka mayar ko odar da aka soke, wannan bashi ne, kuma rufe asusu ba ya goge shi. Ragowar katin kyauta da kayan dijital da aka saya a asusun sun fi wuyar ƙwatowa, domin ƙa'idojin wasu kasuwanni sun ba su damar riƙewa idan suna zargin zamba.

A rana ta goma sha tara bayan wasiƙar ta biyu amsa ta zo. Sun ce sun tabbatar an janye ƙorafin banki, sun buɗe asusun, tare da gargaɗin cewa idan aka sake ganin irin wannan za a rufe shi ba tare da sake dubawa ba. Kuɗin aikawar ododi huɗun ba su karɓa ba. A kan abin sauraron kunne ba su ce uffan ba, ba su ce lambar ta yi daidai ba, ba su ce ba ta yi ba, kuma kuɗinsa bai dawo ba. Ya sake tambaya sau ɗaya a rubuce, aka ce an rufe maganar wannan odar. Yana da sauran kwanaki a wa'adin banki, kuma hujjarsa ba ta da rauni sosai, amma ya san sabon ƙorafi a kan asusun da aka buɗe da gargaɗi zai iya rufe shi har abada. Ya auna kuɗin da asusun, ya bar kuɗin. Ni dai har yanzu ina ganin an cuce shi a wannan ɗaya.

Watan da ya wuce ya mayar da wata waya da ta zo da matsalar lasifika. Kafin ya rufe kwalin ya danna `*#06#` lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, ta fito a allo, ya ɗauki hotonta kusa da wadda ke jikin kwalin, ya ɗauki bidiyon naɗewa har zuwa manna takardar aikawa, ya ajiye rasit mai nauyi. Kuɗin ya shigo a rana ta goma sha biyu.